Wasiƙa zuwa ga ɗana kan moton da zai saya

Assalamu alaikum, ɗana.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da abokan zamanka a Agadas. Mu nan Maraɗi lafiya lau muke, sai zafi. Innarka tana gaishe ka, ta ce tun yanzu ta fara tanadin zogalen da za ta kwaɗa maka ranar da ka sauka.

Saƙonka ya iso. Ka ce kuɗin da ka tara sun kai na moto, kana so in ka dawo ka shiga kabu-kabu cikin gari, ranakun da aka samu lodi kuma ka riƙa ɗauko kayan lambu daga Jiratawa zuwa kasuwa. Ka ce ranka ya kwanta da mai injin sisi 150, don ka ga wani abokinka da shi yana tashi kamar iska. Na ji, ban kuma ce bai yi ba. Sai dai ni da na yi shekaru bisa sirdin nan kafin gwiwa ta zaunar da ni a shagon kayan gyara, ba gudu nake fara dubawa ba. Abin da nake tambaya shi ne, in rana ta faɗi ka cire na esansi da na gyara, me ya rage a aljihunka?

Bari mu fara da esansin, tunda shi ne abokin rabonka na kullum. Da can muna sayen na ƴan ruwa-ruwa da ake shigowa da shi ta Ɗan Isa, kwalba da araha, ba wanda ya damu ko motonsa mashayi ne. Tun da Najeriya ta janye tallafin mai a 2023 wannan gatan ya wuce. Yanzu gidan mai ake zuwa, lita kuma mu ɗauke ta a sefa 500 don lissafi ya yi mana sauƙi. Mai kabu-kabun da ya fita da sassafe ya dawo bayan isha'i, in ana samun mutane, yakan ci wajen kilomita 120 a yini. A awon da na sha yi da hannuna, a kan motocin da suka ratsa ta shagona, da fasinja a baya, a titunanmu na nan, mai sisi 100 ko 110 yakan sha lita biyu da rabi a wannan tafiya, mai 125 lita uku, mai 150 kuma uku da rabi. Ka ga kowane hawa rabin lita ne, wato sefa 250 a yini. Za ka ce wannan ai kuɗin shayi da burodi ne. To ka buga shi sau kwana 26 na aiki, jikka shida da rabi ke nan a wata, a shekara jikka 78. Wannan kuɗi ya saya maka tayoyi da sarƙa, har da canji. Kuma fasinjan da za ka ɗauka daga unguwar Zariya zuwa babbar kasuwa ba zai ƙara maka ko dala ba don injinka babba ne.

Kada ka riƙe lissafina kamar aya, kai ma ka auna. Ka cika tanki har wuya, ka rubuta lambar da ke kan agogon kilomita, ka yi aikinka na yini, sannan ka koma famfon nan dai ka sake cikawa har wuya. Litar da ta shiga ita ce abin da ya sha, sai ka raba kilomitocin da ita. Abin da masu sayarwa ke faɗa maka an auna shi ne a kan kwalta mai santsi da mutum guda mara nauyi, ba da hajiya da buhun gero a bayanka ba.

Yanzu za ka ce to ai sai ka sayi ƙaramin, tunda shi ne bai sha. Da cikin gari kawai za ka tsaya, kan kwalta, da na ce maka bismilla, Boxer ɗin nan na Bajaj mai 100 ya ishe ka. Amma kai da bakinka ka ambaci Jiratawa, kuma ka san garinmu, da ka sauka daga kwalta sai rairayi. Ƙaramin inji in ka ɗora masa buhu biyu na albasa ka shiga yashi, dole ka zauna a giya ta ɗaya da ta biyu, ka murɗe hannu har ƙarshe, kana ta wasa da ambireyaji don kada ya mutu maka. A nan rabin litar da kake taƙama da ita take ƙonewa. Bayan haka injin nan iska ce ke sanyaya shi, ba ruwa ba. Yana ihu, tafiya kuwa kamar ta hawainiya, iska ba ta bugunsa, ga zafin Afrilu. Man inji ya tsinke ya zama ruwa, faifan ambireyaji su ƙone, zoben fisto ya cinye. Za ka gane ambireyaji ya tafi ranar da ka murɗa ka ji ƙara ta hau amma moton bai ƙara sauri ba. Na sayar wa masu ƙananan motoci faifan nan fiye da yadda zan ƙirga, kuma kusan dukansu masu lodin ƙauye ne. An ɗora wa ɗan jaki kayan raƙumi.

Shi ya sa ni dai 125 nake zaɓa maka. A cikin gari bai yi maka ɓarna ba, a yashi kuma yana da sauran numfashi. Mai 150 na wanda kullum aikinsa hanyar daji ne, ko mai ɗaukar manyan buhuna safe da yamma. In aikin Jiratawa ya buɗe har ya fi na fasinja, wata shekara sai ka sayar ka hau sama, ba wanda ya hana ka.

Sai maganar ƙarko, wadda ta fi ta sisi nauyi a wurina. Kafin ka biya ko sisin kwabo, ka zaga shagunan kayan gyara uku ko huɗu, ban da nawa, ka tambayi fisto da zobensa, da faifan ambireyaji, da sarƙa da haƙoranta na moton da kake so. In kowane shago ya miƙo maka nan take, saya. In aka ce sai an aiko daga Kano ko Yamai, bar shi, ko da ya fi kowane kyau. Kasea da Haojue da Boxer ba don sun fi kowa ado suka cika tashoshinmu ba, don kowane makanike ya san cikinsu ne, kayansu kuma suna ko'ina. Moton da ya kwana huɗu a gareji yana jiran ƙarfe guda ya ci maka kuɗin kwana huɗu, cefane kuwa ba ya jira. Ka duba sirdi ya zama dogo shimfiɗaɗɗe, da ƙarfen ɗaure kaya mai kauri a baya. Ka zaɓi ƙafa mai wayoyi, don in ta faɗa rami ta karkace ana miƙe ta, ta zubi kuwa tsagewa take yi, sai sabuwa. Kuma lallai ya zama yana da abin tayarwa na ƙafa, don batir ba ya sallama in zai mutu.

In kuɗinka bai kai sabo ba, ka ce na hannu za ka saya, to saurara. Moto na biyu da na saya a rayuwata, lokacin kana goye, da azahar aka kawo mini shi, injin da ɗuminsa. Bugu ɗaya ya tashi, sauti luwai, fenti sai ƙyalli. Na biya ina murna har na sayi tsire na kai gida. Washegari da asuba na buga ya fi sau ashirin, da ya tashi sai ga hayaƙi shuɗi-shuɗi ya cika zaure, har innarka ta fito da tulu tana tsammanin gobara ce. Ashe mutumin ya zuba masa mai mai kauri ya ɗumama shi kafin ya zo, don ya rufe kukan inji. Zobe ya riga ya ƙare, mai yana ratsawa yana ƙonewa tare da esansi. Na kwance buji na tarar da bakinsa baƙi ƙirin, jiƙe da mai. Kuɗin da na kashe a buɗe inji, da na haɗa da na saye, saura kaɗan su kai na sabo.

Don haka ka ce a bar maka shi ya kwana, ka je da safe, ka ɗora tafin hannunka a kan injin ka ji shi da sanyi, sannan ka buga da ƙafarka. Ka tsaya a baya wani ya murɗa maka, ka kalli bututun hayaƙi. Shuɗi na nufin yana cin mai. Baƙi na nufin esansi ya yi yawa, sau da yawa karbirato ne ko matatar iska ta toshe, wannan gyara ne mai sauƙi. Ka tsuguna ka dubi ƙashin moton, wajen wuya da ƙarƙashin sirdi, in ka ga walda da sabon fenti a wuri guda, ya taɓa karyewa. Sai ka gwada lambar da aka buga a jikin ƙarfen da wadda ke kan kart giris, harafi bayan harafi, ka kuma ga takardar duwan da idonka. Muna bakin iyaka, motocin sata suna yawo, kuma wanda aka kama da shi a hannu shi ne zai yi bayani.

Ko wanne ka saya, ƙurar garin nan ce babbar abokiyar gabarsa. Ni duk kilomita dubu nake juye mai, a irin tafiyarka kuwa wannan bai wuce kwana takwas zuwa tara ba. Wajen lita guda yake ci, ka nemi mai 20W-50 a galan rufaffe, kada ka yarda da na awo. Soson matatar iska ka wanke shi duk mako a lokacin hunturu, ka ɗan shafa masa mai kafin ka mayar. Akwai yaran da ke cire shi wai moto ya fi ja, su ne manyan masu sayen fisto a wurina, har ina yi musu ragi. In sabo ne, kilomita dubun farko ka bi shi a hankali, ba lodin buhu, ba tsere, ka kuma yi juyen farko da wuri, tun wajen kilomita ɗari biyar.

Kada ka zuba duk abin da ka tara a kan moton. Ka ware na asirans da lamba, da hular kwano guda biyu, taka da ta fasinja, da wani abu a ajiye na gyaran farko. Kuma kada ka sayo daga can don ka burge mu da shigowa gari. Ka zo da kuɗinka ɗaure, mu kwana biyu muna zagawa tare da kawunka, shi kunnensa ya fi nawa jin inji yanzu.

Ka sanar da ni ranar da za ka taso, in sa ƙanenka ya tare ka a tasha. Allah ya yi maka albarka, ya kawo ka lafiya.

Ni ne mahaifinka,
daga Maraɗi.