Maganar littafin maigidana

Assalamu alaikum. Ina fata kun isa gida lafiya, ya gajiyar hanya, ya mai gidan naki da ƴar jaririya. Mu nan lafiya lau sai kewa, gidan ya yi shiru tunda kuka tafi.

Rubutu na zaɓa na yi miki don in na kira waya ba za ki bari na kai ƙarshe ba, za ki ce Umma ke dai kin fiye son jikokinki. To ki karanta har ƙasa kafin ki ba ni amsa. Ranar Talata ina gyaran ɗakin da kuka sauka na ɗaga katifa sai ga littafin maigidana a ƙasa, an naɗe shi an cusa can ƙuryar gado. Ba mantuwa ya yi ba, ɓoyewa ya yi. Na zauna bakin gadon na buɗe shafi-shafi, jan biro ko'ina, wani wajen har ya huda takarda, kuma na san hannunki ne ba na malamarsu ba don ni na koya miki yadda ake zagaye kuskure. Shafuka 6 na ƙarshe babu komai sai wani wuri da ya fara rubutu ya goge ya sake ya goge har takardar ta yage.

Sai a lokacin na gane abin da ya faru ranar Asabar. Na miƙa masa fensir da takarda na ce zana min kazar nan, yaron nan ya mayar da hannu baya ya ce "Hajiya ban iya ba." Shekara 6 fa. Wallahi tun ranar maganar nan take cina. Shekara 35 na yi ina koyarwa, fiye da rabi a aji ɗaya na yi su, ban taɓa jin tsoron yaro mai mummunan rubutu ba, hannu yana faɗawa da kansa in ana yi. Wanda nake tsoro shi ne yaron da ya daina ɗaukar fensir, don shi ba ka da abin da za ka gyara masa, ya riga ya yanke wa kansa hukunci.

Bari na ɗauki shafi ɗaya, wanda ya zana ragon layya. Kin tuna shi? Ya ja layi ɗaya a ƙasa ya jera komai a kai, gida da rago da mutane, sama kuma ya shafa shuɗi siriri can bakin takarda. Babansa ya fi gidan tsawo. Ke kina cikin gidan ana ganinki ta bango da jaririya a baya. A ƙasa ya rubuta "ragn dada". Kika ja layi a kan rubutun, kika sa alamar tambaya a kan babansa, kika rubuta masa ya sake.

Duk abin da kika ga kamar kuskure a zanen nan haka ƴan shekararsa suke yi. Yaro ɗan 3 ko 4 kai yake zanawa da ƙafafu biyu suna fitowa daga kan, abubuwa kuma suna yawo ko'ina a takarda. Ranar da ya ja layin ƙasa ya tsayar da mutane a kai ya yi gaba sosai, ya gane akwai ƙasa akwai sama. Babansa ya fi gida girma don a wajensa baban ya fi gidan muhimmanci. Ya zana ki a cikin ɗaki ana hango ki don ya san kina ciki, yaro abin da ya sani yake zanawa ba abin da ido ke gani ba. Kuma ko kin lura ragon ƙafa huɗu ya yi masa, da ƙaho a murɗe, da igiya har zuwa turke? Ni na lura. Ke ba ki ce komai a kai ba.

Rubutun ma haka. "ragon baba" yake nufi. Ya ji r, ya ji a, ya ji g, ya ji n, wasali ɗaya kawai ya tsere masa, kuma babu wanda ya rubuta masa ya kwafa, da kunnensa ya tsinto su. Wannan shi ne ainihin aikin da ake so ɗan aji ɗaya ya iya. Maganar b da d kuwa, ƴata, kusan kowane aji na koyar sai na samu yara da yawa suna juya su, da 3 da 5 da 7, yawanci yana bari da kansa wajen shekara 7 zuwa 8. Ki duba dalili, duk abin da ya sani a duniya in ka juya shi sunansa bai canja ba, kofi ko hannunsa na dama ko na hagu kofi ne, sai a boko aka ce masa in cikin harafi ya kalli nan b ne in ya kalli can d ne. Ga shi da yamma yana Islamiyya yana farawa daga dama, da safe a ce ya fara daga hagu, ga ɓ da ɗ masu ƙugiya suna jiransa. Ai ma ya yi ƙoƙari.

To me ya kamata ki yi da ya kawo miki shafin? Kada ki fara da kyau ko muni, kuma kada ki ce "mene ne wannan" don in ya ga ba ki gane ba jikinsa zai yi sanyi. Ki ajiye abin da ke hannunki ko minti 2 ne, ki zaunar da shi, ki ce ba ni labarin hoton nan. Zai faɗa miki abin da ba ki zata ba, waye ya riƙe igiya, me ya sa ragon ke kuka. Sai ki faɗi abin da idonki ya gani da gaske, ki ce na ga ka murɗa ƙahon kamar na ragonmu, na ga ba ka manta da igiya ba. Wannan ya fi masa "kai ya yi kyau" sau goma, don yara sun san lokacin da aka duba da lokacin da aka sallame su. Sannan ki nuna rubutun ki ce karanta min. In ya ce ragon baba ki ce ai kuwa ga r ga g duk ka jiyo su. Daga nan ki ɗauki fensir, fensir fa ba biro ba, ki rubuta "ragon baba" a ƙasan nasa ba a kan nasa ba, ki bar nasa yadda yake. Sai ki zaɓi gyara ɗaya tak. A shafin nan ni b zan zaɓa tunda kalmar baba zai yi ta rubutawa kullum, o ɗin da ya ɓace ya jira wani makon. Ki ce masa b sanda ake fara tsayarwa sannan a yi mata tumbi a gaba, ku yi da yatsa a ƙasa ko a cikin tire da ɗan yashi sau uku huɗu yana faɗa da baki, sannan ya yi guda ɗaya a littafi. Shi ke nan, ki rufe littafin yana cikin jin daɗi. Kada ki koya masa b da d rana ɗaya, a haka suke ƙara cakuɗewa, sai b ta zauna tukuna.

Kuma ban ce ki koma yi masa ƙarya ba. Akwai iyayen da kome yaro ya yi sai su ce ai kai gwani ne, kai mai ƙwaƙwalwa ne, irin yaran nan na gansu a aji, da abu ya yi wuya sai su ƙi taɓawa don kada sunan gwani ya zube. Ki yabi abin da ya yi da hannunsa, ki ce yau ka bar fili tsakanin kalmomi, yau ka zauna har ka gama layin. In ya yi aikin gaggawa don ya fita ƙwallo ki faɗa masa, ki buɗe shafin jiya ki ce wanne ka fi natsuwa a kai. Da kansa za ki auna shi, na watan jiya da na yau. Ɗan maƙwabciyarki da kike ta ambata a gabansa har sau uku ina ji, ki daina, don Allah ki daina, ba abin da yake koya daga wannan sai tsanar yaron da tsanar littafi.

Na san abin da za ki ce, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma kuɗin makaranta ba kaɗan kuke biya ba, kuma ni ma ban raga muku ba. Gaskiya ne ban raga ba. Mu a zamaninmu bayan shirin UPE na 1976 da ya ba kowane yaro karatun firamare kyauta, yara sun cika aji maƙil, wasu a ƙasa suke zama, haka aka horar da mu kuma da haka na fitar da ku, ba na jin kunyar tarbiyyar da na ba ku. Amma ke kin san abin da ya faru da yayanku da hannun hagunsa, kin san shekara nawa ya yi ba ya yarda a ga rubutunsa, har yau in za a cike fom matarsa yake miƙa wa. Ba sai na ƙara ba. Ni na ɗauki wannan, kullum yana raina, kuma ba zan zuba ido ina kallo a maimaita a kan jikana ba alhali ke kin yi karatun da ya fi nawa. Ina amfanin karatun in yaro yana jin takunki yana tura littafi ƙarƙashin katifa? Ke da ya kamata ya rugo ya nuna wa kafin kowa?

Ki yi haƙuri in na yi zafi. Na ga yadda kike, ga goyo ga aiki ga girki, sai ƙarfe tara na dare kike samun duba aikin gida lokacin ke kin gaji shi ma barci yake ji, a wannan lokacin ko ni ce kuskure kawai zan gani. Ki mayar da shi bayan la'asar ko da safe ranar Asabar, minti 10 ya isa. Na san tsoro ne ya sa ki, kina gudun kada ya zama na baya, ba ƙi ba ne.

Abin da za ki sa wa ido daban ne. In kin ga yana kai littafi dab da fuska ko yana ƙanƙance ido ko yana yawan cewa kansa na ciwo, a kai shi a duba idonsa. In kina faɗin kalma ba ya iya jin sautin farkonta ko kaɗan, ko ya wuce 8 yana nan yana juya haruffa kuma karatu ya ƙi tafiya, to ku zauna da malamarsa a san abin yi, kunnen ma a duba. A littafin nan dai ban ga ko ɗaya ba, na ga yaro mai lura wanda ya tsorata.

Littafin zan ba direban da ke zuwa ranar Juma'a ya kawo, na haɗa da sabo guda biyu da fensir da kwalin kala da ƙuli-ƙulin da ya ce yana so. Shafin ragon kam na cire na riƙe, na manna shi a bangon ɗakina kusa da kalanda. Ki faɗa masa haka, ki ce Hajiya ta ce tana jiran hoton kazar, ya rubuta sunan kazar a ƙasa da hannunsa yadda ya ji shi, kada kowa ya taya shi. In ya yi ki ɗauka a waya ki turo min kafin ki ce masa komai.

Allah Ya yi muku albarka, Ya raya su. Ki gaida mai gidan.

Ummanki