Sanarwa ga ƴan rukuni kan ka'idar Gauss-Markov

Assalamu alaikum ƴan uwa. Kafin zamanmu na gaba, kowa ya sake duba wannan ka'ida.

Ka'idar cewa take: a tsarin y = Xβ + ε, cikin hanyoyin ƙiyasta β masu bin layi, waɗanda ba sa karkata daga gaskiya, babu wadda sakamakonta ya fi na OLS ƙarancin warwatsuwa. OLS shi ne zaɓar β ɗin da ya fi rage jimillar murabba'in ragowar kuskure. Sai dai da sharaɗi. Matsakaicin kuskure, wato ε, ya zama sifiri komai ƙimar X, warwatsuwarsa σ² ta zama ɗaya ko'ina, kurakuran kada su yi alaƙa da juna, kuma kada wani ginshiƙin X ya fito daga haɗa sauran. Ba a bukatar kuskuren ya bi rarrabuwar Gauss. Nan da yawa ke ruɗewa.

Sharaɗi na biyu, na daidaiton warwatsuwa, yakan karye. A ce an auna abu sau biyu, awon farko warwatsuwarsa 1, na biyu 4. OLS zai raba nauyi daidai, warwatsuwa ta zama (1+4)/4 = 1.25. In aka ba na farko nauyin 0.8, na biyu 0.2, sai ta sauko 0.8. OLS bai karkata ba, amma an fi shi. Ku zana ragowar kuskure: in tana buɗewa kamar mazurari, matsalar ce.