Hattara da mai saye da ya turo kuɗi fiye da farashi

Salamu alaikum ƴan uwa, musamman masu saye da sayarwa. Akwai wata damfara da ke yawo. Ka sa wa kaya dubu 50, sai mai saye ya turo shaidar biyan dubu 80, ya kira yana roƙo, wai kuskure ne, ka mayar masa da dubu 30 cikin gaggawa, galibi ma zuwa wani asusu daban. Wani lokaci shaidar ta bogi ce, babu abin da ya shigo. Wani lokaci kuma kuɗin sun shigo, amma na sata ne, daga baya banki ya janye su, naka da ka tura kuwa sun tafi.

Don Allah ku duba asusunku da kanku, kada ku dogara da hoton rasit. In kuɗin sun shigo da gaske, ku sanar da bankinku ya mayar ta hanyar da suka zo. Kaya kuma su dakata tukuna.