Tunatarwa kan aikin jifa daga saman dutse

Assalamu alaikum ƴan uwa. Gobe Asabar bayan La'asar za mu tattauna a nan kan jifa daga saman dutse, saboda jarrabawa ta matso. Kowa ya gwada wannan.

Tsayin dutsen mita 40, an yi jifa da gudun 20 m/s, an sunkuyar da shi digiri 30 ƙasa, g = 10 m/s². Gudun gaba 17.3, na ƙasa 10.

`40 = 10t + 5t²`

Wannan ya ba da sakan 2, nisa kuwa mita 34.6. Gudun faɗuwa `√(20² + 2×10×40)`, wato 34.6 m/s.

A kula: wanda ya sami sakan 4, sama ya jefa, ya juya alamar 10t.

Ku maimaita da tsayin mita 75, a turo hoton aiki kafin Azahar. Allah Ya taimaka.