Tsakuren maƙala kan uwa a littattafan matan Kano: wace uwar ake nufi?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta tsakuren maƙalar da kuka buga a shafinku na adabi, wadda wata ɗaliba za ta gabatar a taron ƙara wa juna sani kan matsayin uwa a ƙagaggun labaran matan Kano. Na daɗe ina koyar da adabin Hausa, irin wannan tsakure kuwa ya sha zuwa teburina, shi ya sa na ce bari in sa baki.

Tsakure, wato taƙaitaccen bayanin abin da maƙala ta ƙunsa, yawanci ba ya wuce kalma 250. Ɗiyar tamu ta cinye fiye da rabi tana gaya mana uwa ita ce makarantar farko, kuma mata suna shan wahala. Har na kai ƙarshe ban ga sunan littafi ko ɗaya ba. Mai tantance maƙalu yana da tsakure tuli a gabansa, abin da yake nema shi ne wane littafi aka karanta, wace tambaya aka yi masa, me aka gano. Ni in na ga za a iya cire kalmar Kano a sa Legas ba tare da an taɓa sauran jimlolin ba, na san ba a buɗe littattafan ba tukuna.

Ga inda gizo ke saƙar. Ɗalibanmu sukan ɗauko ma'aunin da aka auna littattafan matan kudu da shi, musamman littafin Buchi Emecheta na 1979 kan rayuwar uwa, *The Joys of Motherhood*, su ɗora wa namu. A ganina damuwar matar da ke cikin littattafan Kano ta sha bamban. Ita tambayarta, in aure ya mutu, 'ya'ya a hannun wa za su tashi? A nan gidajen namu sau da yawa da an yaye yaro uba ke karɓarsa, ya faɗa hannun kishiyar uwa. Daga nan ne maganar "zaman 'ya'yana nake yi" ta samo asali. Kuma kalmar uwa ba mace ɗaya take nufi ba: akwai mahaifiya, akwai uwar riƙo, akwai uwar miji, akwai matar uba. Tsakuren bai ce wacce yake nufi ba. Ga kuma kunyar ɗan fari. Na taɓa duba aikin wani ɗalibi da ya rubuta cewa wata uwa a labari ba ta ƙaunar ɗanta tunda ba ta kiran sunansa. Na tambaye shi ko shi ne ɗan fari a ɗakinsu, ya sunkuyar da kai yana dariya.

A ɗauki *Alhaki Kuykuyo Ne* na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Rabi tana da 'ya'ya tara da Alhaji Abdu, ɗan kasuwa mai ƙuntata wa gidansa. Ya auro Delu, rigima ta tashi, ya kori Rabi da 'ya'yanta. A lura, a nan uban bai riƙe yaran ba, watsar da su ya yi. Rabi ta kama sayar da abinci, ta ciyar da su, har ta aurar da 'yarta Saudatu ga mai hali. Da gobara ta cinye dukiyar Alhaji Abdu, sai aka taru aka matsa mata ta koma ɗakinta.

Da ni ce, ga yadda zan buɗe tsakuren: "Wannan maƙala ta nazarci Rabi a *Alhaki Kuykuyo Ne* (1990) don amsa tambaya ɗaya: yaushe maganar uwa take da ƙarfi a kan 'ya'yanta? An bi labarin a zango uku, zaman aure, zawarci, da kome. An gano cewa Rabi ta fi iko da sha'anin 'ya'yanta a lokacin da ba ta da aure, tana ci da guminta, kuma komen da aka sa ta yi ya fi amfanar mijin a kanta." Wani malamin zai iya tashi a zauren taro ya ce bai yarda ba, komen nasara ce ga Rabi tunda ta dawo da ƙarfinta. Madalla, an samu abin muhawara ke nan. Wa zai yi musu da cewa uwa makaranta ce?

Sai dai kada ɗiyar tamu ta ɗauki littafi guda ta ce ta yi magana da yawun matan Kano duka. In tana son kalmar "matan Kano" ta tsaya a taken maƙalar, ta ƙara littafi biyu ko uku na wasu marubutan, ta faɗi shekarunsu da dalilin zaɓarsu. In lokaci ya ƙure mata, ta rage taken ya dawo kan Rabi kaɗai, minti ashirin ɗin da akan ba mai gabatarwa ma da ƙyar zai ishe ta.

Wassalam.

Taku,
Wata malamar adabin Hausa, Kano