Sanarwa ga masu ɗaure raguna don Babbar Salla

Assalamu alaikum ƴan uwa. Duk mai niyyar kai rago kasuwar Layya ya ƙirga kwana 90 zuwa 120 baya daga Salla, a nan zai ɗaure.

Makonni 2 na farko na sabo ne. A ba shi maganin tsutsar ciki, a yi masa rigakafin PPR, wato cutar mura da zawo mai kashe tumaki da awaki, a sake masa harawa da ruwa, dusa kuwa ƴar kaɗan ana ƙarawa a hankali. Don Allah kada a cika masa kwano da dusa ko tsaba rana ɗaya. Cikinsa zai kumbura, ya kama zawo, ya ƙi cin abinci, wani ma ya mutu. Da kun ga kashinsa ya yi ruwa, ku rage dusa ku ƙara harawa.

Ragon kilo 30 yana cin busasshen abinci kusan kilo 1 a rana. Bayan sabo, rabi harawar gyaɗa ko ta wake, rabi haɗin dusa, kowar wake da ƙulin auduga, a raba safe da yamma, da ɗan gishiri ko kanwa. In ya ƙara nauyi a ƙara awo.

Ku sayi harawar duka tun da kaka, kafin rani ya sa ta yi tsada.