Zuwa ga Sadiƙu, kan maganar gurbin karatu

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da Kawunka da duk mutanen gidan. Mu nan lafiya ƙalau, sai dai ƙafar nan tawa da ta saba tashi in sanyi ya kawo jiki.

Daren Talata na tarar da mahaifiyarka zaune bakin gado ta zazzage 'yan kunnenta na gwal a kan zane tana jujjuya su. Da na tambaya ta ce gyara za ta kai su. Shekara talatin muna tare, na san muryarta in tana rufa wa ɗayanku asiri. Sai da na matsa sannan ta faɗa mini cewa ka kira ta sau biyu, wai akwai wani mutum da ya san na ciki, in aka ba shi dubu ɗari huɗu zai sa sunanka a jerin masu karatun likita. Ta ce ka ce mata zalunci aka yi maka, domin Nura da ya ci 240 a jarrabawar JAMB an ba shi gurbin, kai mai 256 an bar ka. A waya ka saba katse ni da "Baba ba ka gane ba", shi ya sa na ɗauki biro. Wannan karon sai ka karanta har ƙarshe.

Ka fara cire maganar cewa ka haura maki 150 daga kanka. Wancan shi ne mafi ƙarancin makin da hukumar JAMB da shugabannin makarantu suka tsayar wa jami'o'i a taronsu na 2025, kamar yadda aka tsayar da 140 a shekarar da ta gabace ta. Ma'anarsa kawai kada jami'a ta ɗauki wanda bai kai haka ba. Ba a yi wa kowa alkawarin gurbi da shi ba. Jami'a tana da damar ɗaga nata sama da haka kafin ma ta yarda ka zauna jarrabawar tantancewarta, kuma wannan ma izinin shiga layi ne kurum. Makin da ke raba gardama shi ne na sashen da ka nema, kuma ba da makin JAMB tsura ake auna shi ba.

Na sa ƙanwarka ta buɗe mini takardar da jami'ar ta fitar, na karanta da tabarau biyu. Makin JAMB ɗari huɗu ne, sai su raba shi da takwas ya koma bisa hamsin. Jarrabawar tantancewa bisa ɗari take, sai su raba ta biyu, ita ma ta koma bisa hamsin. A haɗa, a sami ɗari. To ɗauko biro. Naka 256, a raba da takwas, 32. A tantancewa ka ci 62, rabinsa 31. Jimla 63. Nura kuwa 240 ɗinsa ya ba shi 30, amma mahaifinsa ya gaya mini a masallaci cewa 74 ya ci a tantancewa, wato 37. Jimlarsa 67. Ka fi shi da maki goma sha shida a JAMB, wannan ya zama maki biyu kacal bayan rabawa. Shi ya fi ka da goma sha biyu a tantancewa, ya zama shida. A wannan lissafi maki ɗaya na tantancewa daidai yake da huɗu na JAMB. Ina zaluncin yake a nan? Na tuna sarai makonni ukun da ke tsakanin fitowar sakamakonka da ranar tantancewa. Kullum kana majalisa ana kiranka likita kana murmushi, littattafan kuwa suna kan taga rana na cin bangonsu. Na yi magana sau ɗaya, ka ce wanda ya ci 256 ba ya tsoron ƙaramar jarrabawa.

Ba kowace jami'a ke bin wannan rabon ba. Akwai masu ba JAMB hamsin, tantancewa talatin, su bar ashirin ga sakamakon sakandare, inda A1 ta fi C6 nauyi ƙwarai. Wasu ma ba sa yin jarrabawa, takardu kawai suke dubawa. Da irin wannan ka nema, da sakamakonka na NECO ya ɗan ɗaga ka. Amma wadda ka zaɓa da hannunka, ga ƙa'idarta.

Yanzu maganar kaso, wadda na ji kana kuka da ita ba tare da ka san yadda take ba. A jami'o'in gwamnatin tarayya guraben kowane kwas kashi uku ake yi musu. Kashi 45 cikin ɗari na cancanta ne zalla, ana jera duk masu nema daga kowace jiha, daga mai maki mafi yawa zuwa ƙasa. Kashi 35 na 'yan jihohin da ke yankin jami'ar ne. Kashi 20 da suka rage na jihohin da aka lasafta a matsayin waɗanda ke baya a karatun boko, kuma Jigawarmu tana ciki. Sannan karatun likita yana da wani takunkumin a sama: hukumar da ke kula da aikin likitanci da haƙori ita ke ƙayyade wa kowace jami'a yawan ɗaliban da za ta ɗauka, gwargwadon malamai da kayan aiki da gadajen asibitin koyarwarta. Ko shugaban jami'ar ba shi da ikon ƙara kujeru yadda ya ga dama.

Bari mu ce guraben ɗari ne, don lissafi ya zo da sauƙi. Za a ɗebi mutum arba'in da biyar na sama. Makin na arba'in da biyar ɗin, ko 72 ne ko nawa, shi ne ya zama makin yanka na cancanta. Daga nan a ware 'yan yankin jami'a cikin waɗanda suka rage, a sake jera su, a ɗebi talatin da biyar. Makin na ƙarshensu, a ce 66, shi ne nasu makin yankan. Ka lura da kyau, ba wani ne ya zauna a ofis tun farkon shekara ya rubuta 66 ba. Yawan masu nema da ƙarfinsu ne suka haife shi, shi ya sa bara daban bana daban. Mai 67 ya tsallake da maki ɗaya, mai 63 ya tsaya a bakin ƙofa.

Za ka ce to ina kashi ashirin ɗin namu? Jihohin da ke cikin wannan rukuni sun haura ashirin. Kujera ashirin, jihohi fiye da ashirin: ko ɗaya-ɗaya ba ta isa ba. In kujera ɗaya ta faɗo wa Jigawa, to ta ɗan Jigawan da ya fi sauran 'yan Jigawa maki ce cikin waɗanda ba su samu a jeri biyun farko ba. Kana ganin daga Hadeja zuwa Kazaure babu mai 64 ko 65 da ke jira? Kason nan yana taimako, ban musa ba, kuma ina cikin masu ganin ya dace a bar shi. Amma 'yan'uwanka ne abokan takararka a cikinsa, ba mutanen kudu ba, don haka ka daina ɗora wa kowa laifi.

Duk wannan ban damu da shi ba kamar mutumin nan. Shi ne ya hana ni barci. Sadiƙu, tun 2017 babu gurbin jami'a na halal da ba ta cikin CAPS, wato tsarin JAMB na ba da gurbi ta intanet, ya bi ba. Jami'a ce ke miƙa suna, JAMB ta duba ko an bi maki da kaso, in an tsallake wanda ya fi cancanta ta nemi dalili, sannan ta amince. Bayan haka ne kai da kanka za ka ga an ba ka a shafinka, ka danna Accept, ka fitar da takardar gurbi ta JAMB. Mutumin da zai karɓi gwal ɗin uwarka abu biyu kawai zai iya yi. Ko ya riƙe kuɗin ya jira, in Allah ya sa sunanka ya fito a jeri na biyu ya ce aikinsa ne, in bai fito ba ya kashe waya. Ko kuma, wanda ya fi muni, ya kawo maka takarda mai tambari da sa hannu wadda JAMB ba ta san da ita ba. Ka shiga aji, ka yi shekaru, ranar da za a tura sunaye bautar ƙasa a duba rajistar JAMB a ce ba ka ciki. Ka san abin da ya sami Yayanku Habu. Ka san wanda ya biya kuɗin a lokacin, da gonar da ta tafi. Ni ne. Ban taɓa faɗa da bakina a gabanku ba sai yau, kuma wallahi ba zan sake ba, ko da za ka yi shekara ba ka gaishe ni ba.

Na san ana cewa na cika taurin kai, wai ina da abokan karatu a manyan wurare amma ba na ɗaga waya. Gwaggonka ta faɗa, kai ma ka faɗa a bayan idona. Shekara ashirin da shida ina jami'in jarrabawa a makarantar sakandare, na ga yaran da aka cusa da hanya, na ga yadda aji biyu na karatun likita yake tankaɗe su. Amma abin da ya fi ƙona mini rai, ka rasa wanda za ka lallaɓa sai mahaifiyarka, don ka san ba ta iya ce maka a'a. 'Yan kunnen nan na kakarka ne. Ka ji kunya.

To, ya isa. Na san ba mugunta ba ce, zafin ganin tsara sun wuce ne, kuma ni ma na taɓa zama ɗan shekara goma sha tara. 63 ba ƙaramin maki ba ne, ya yi wa likitanci kaɗan ne kawai a bana.

Ga abin da nake so ka yi gobe da safe. Ka je cibiyar da JAMB ta amince da ita, ba shagon bakin titi ba, ka tabbatar sakamakonka na NECO yana kan shafinka, domin lokacin rajista jiran sakamako ka cika, kuma wanda bai ɗora ba ko kallonsa ba a yi. Ka duba jihar asali da aka rubuta maka, Jigawa ce ko mai buga na'ura ya sa Kano don can ya gan ka. In ka ga Not Admitted kada ka ɗauka an rufe, ana fitar da jeri fiye da ɗaya. Ka riƙa leƙa wurin da aka rubuta Transfer Approval, nan ne jami'a ke tayin wani kwas ga wanda makinsa bai kai na zaɓin farko ba. In suka yi maka tayin ilimin halittar jiki ko haɗa sinadarai, kada ka danna komai, ka kira ni tukuna mu yi shawara. In kuma zuciyarka ta kafe a kan likita, na yarda ka sake zama baɗi, ni zan biya kuɗin fom da na darasi, da sharaɗin ka dawo gida ka yi karatun a gabana.

Lambar mutumin nan kuma ka ba Kawunka, na riga na yi masa bayani. 'Yan kunnen na mayar da su cikin akwati, makullin yana aljihuna. Mahaifiyarka ta ba direban Malam Sule ƙullin kuka da daddawa ya kawo muku ranar Asabar, ka je tasha da wuri ka karɓa. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka